Zaman karanta sikirif ɗin ɗalibi: yadda za a tashi da gyara a hannu ba tare da an ɓata rai ba

Duk wanda ya taɓa tara ɗalibai don a karanta sikirif ɗin ɗayansu, wato rubutaccen labarin fim, ya san hanyoyi biyu da zaman yake lalacewa. Ko dai kara ta hana kowa magana, a gama karatu a ce "ai ya yi kyau, Allah ya ƙara basira," a watse marubuci bai ƙaru da komai ba. Ko kuma wani mai baki ya fara da "ni da ni ne," marubuci ya miƙe yana kare kansa, a shafe awa guda ana musu a kan abin da yake nufi. Na zauna a irin waɗannan zaman a nan Kaduna sau da dama, kuma abin da na lura shi ne halin mutanen ba shi ne yake yanke yadda zaman zai ƙare ba. Tsarin zaman ne: wa ya yi magana da fari, a kan wane shafi, kuma me aka hana shi faɗa.

Zan bi matakan da misali guda, sikirif ɗin gajeren fim mai shafi 12 na wata ɗaliba. Labarin wani matashi ne mai tuƙa keke napep a Rigasa. Ya sauke wata Hajiya a tashar jirgin ƙasa, ta manta ambulan cike da kuɗi a kujerar baya, shi kuwa ƙanwarsa na gida ba a biya mata kuɗin jarrabawa ba. A shafi na 7 ya yanke shawarar mayar da kuɗin. Masu magana a labarin huɗu ne: mai keken, Innarsa, ƙanwarsa da Hajiya.

Kwana biyu kafin zaman

A buga sikirif ɗin a takarda, kowa da nasa kwafin. Karatu daga waya yana kawo matsala biyu: saƙo ya shigo ya ɗauke hankali, sannan babu gefen shafi da za a yi alama. Kowane shafi ya kasance da lamba, kowace fitowa ma da lamba, domin duk gyaran da za a karɓa daga baya a kan lambobin nan zai rataya. Idan an bi tsarin rubutun fim da aka saba, wato rubutu samfurin Courier mai girman 12, shafi guda yana cin kusan minti guda a allo. Wannan ƙiyasi ne kawai, amma shi ne ma'aunin da za a gwada lokacin karatun da shi. Kan fitowa yana zama kamar haka, inda EXT. ke nufin a waje abin yake faruwa:

```
4. EXT. TASHAR JIRGIN ƘASA, RIGASA - RANA
```

Kafin a buga kwafi goma, a buga shafi ɗaya a duba haruffa masu ƙugiya. Sau da yawa na'urar shagon buga takardu tana mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna ko alamar tambaya, musamman in an buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta. Mayar da shi PDF tun daga kwamfutar marubuci yana kawar da wannan. Ba ƙaramin abu ba ne, don mai karatu da ya ci karo da "kara" inda ake nufin "ƙara" zai yi tuntuɓe, kuma za a ɗora laifin tuntuɓen a kan zancen da ba shi da laifi.

Sai rabon aiki. Kowane babban mai magana a ba shi mutum guda. A ware wani daban mai murya a sarari ya karanta bayanin fitowa, wato duk abin da ba zance ba. A samu mai riƙe agogo. A samu kuma mutum uku ko huɗu da ba za su karanta komai ba, sauraro ne aikinsu, kuma ya fi kyau a ce ba su taɓa jin labarin ba. Waɗannan su ne 'yan kallon farko. Abokiyar da aka ba wa labarin sau biyar a hostel ba za ta iya gaya wa marubuciya inda ya rikice ba, don tana cike gibin da abin da ta riga ta sani.

Marubuci ba ya karanta komai, ko da kuwa an rasa mutum. Wannan ita ce dokar da ɗalibai suka fi ƙi. Dalilinta shi ne marubuci ya san sautin da yake so, zai ɗora wa mataccen layi rai da muryarsa, a wuce ba a gane layin matacce ba ne. Sannan wanda yake karatu ba ya iya kallon fuskokin mutane, alhali rabin abin da aka zo nema a fuskokin yake.

Sikirif mai shafi 12 yana buƙatar kamar awa ɗaya da rabi gaba ɗaya. Mu mukan fara bayan Azahar, wajen biyu da kwata, mu tashi kafin La'asar. In aka bari kiran salla ya raba karatu da tattaunawa, mutane sukan dawo sun riga sun yi hirar a hanya, sun daidaita ra'ayi, sai a ji bakinsu ya zama ɗaya.

Minti biyar na farko

Mai jagorantar zaman, malami ne ko ɗalibi, ya faɗi ƙa'idoji a gaban kowa kafin a buɗe shafin farko, don kada daga baya hana wani magana ya zama kamar an ci masa fuska. Marubuciya ba za ta gabatar da labarin ba. Ba za ta ce "ban gama gyara ƙarshen ba" ko "ku yi haƙuri da shafi na biyar" ba. Ɗan kallo a sinima ba ya samun wannan bayanin, kuma neman afuwa tun farko yana sa mutane su sassauta.

A roƙi masu karatu su karanta abin da ke rubuce daidai yadda yake, ba ƙari ba ragi, kuma kada su yi wasan kwaikwayo sosai. Akwai ɗalibi a kowane aji da zai mayar da muryarsa ta tsohuwa ya sa ɗaki dariya. Dariyar tasa ce, ba ta sikirif ɗin ba, kuma za ta yaudari marubuciya.

Masu sauraro kuwa a ba su alamomi uku kacal da za su riƙa yi a gefen shafi ba tare da sun tsaya rubutu ba: alamar maki inda abu ya kama su, alamar tambaya inda suka rikice, da doguwar layi a tsaye inda hankalinsu ya tafi wani wuri. Ta ukun ta fi kowacce amfani, kuma ita ce mutane suke jin kunyar yi, don haka a faɗa musu a sarari cewa tafiyar hankali ba rashin ladabi ba ne, shi aka zo aunawa. In kowa ya yarda, a ajiye waya guda a tsakiyar tebur tana naɗar sauti.

Karatun kansa

Ba a tsayawa. Ko an yi kuskure, ko an ga harafi ya faɗi, a wuce. Mai agogo yana rubuta lokacin da aka kai ƙarshen kowace fitowa. Marubuciya tana zaune a gefe da biro, tana yin alama a duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe, ya maimaita layi, ko numfashinsa ya ƙare kafin jimla ta ƙare. Ta kuma lura da inda wani ya gyara layi da bakinsa ba tare da ya sani ba. Wannan kyauta ce. A zaman da nake ba da misali, an rubuta wa Inna "Ina so in yi magana da kai game da wani abu mai muhimmanci." Wadda ta karanta ta yi ɗan jim, bakinta ya kusa cewa wani abu daban. Da aka tambaye ta daga baya, ta ce uwa a gida cewa za ta yi, "Zo nan, akwai magana." Zancen da aka yi tunaninsa da Turanci aka juya shi Hausa yana iya wucewa a ido, amma kunne ba ya barinsa.

Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka wasu tuntuɓen daga nan suke. "Gari" na iya zama birni ko na tuwo, "wuya" na iya zama na jiki ko wahala. In mai karatu ya ɗauki ma'anar da ba ita ba har sai da ya kai ƙarshen jimla ya dawo, to ɗan wasa ma zai yi haka ranar ɗauka, gara a sake jera kalmomin.

Shafi 12 ɗin nan sun ci minti 17. Shafi na 1 zuwa na 3 minti uku da rabi, na 7 zuwa na 12 minti shida da rabi, amma na 4 zuwa na 6 su kaɗai sun ci minti bakwai. Tun kafin kowa ya buɗe baki, agogo ya riga ya nuna inda labarin ya zauna ya ƙi tashi.

Karɓar gyara, inda aikin yake

Da an gama karatu, kada a fara magana. A ba kowa minti biyar ya rubuta amsar tambayoyi uku a bayan takardarsa: labarin wa aka ba ka, me yake so, kuma a wane shafi ka san yadda zai ƙare. Rubutun yana da dalili. A wurinmu in babba ya fara magana, ƙarami ba ya saɓa masa a gaban mutane, in kuma mai baki ya fara, sauran sukan bi sahunsa. Abin da aka riga aka rubuta ba ya canzawa don an ji ra'ayin malam. Saboda wannan dalilin ne kuma ake fara zagayen daga masu sauraro, sannan masu karatu, malami ya zama na ƙarshe.

Tsarin zagayen da nake bi ya samo asali ne daga wanda Liz Lerman, wata Ba'amurkiya mai tsara raye-raye, ta fito da shi wajen 1990. Matakai huɗu ne: mutane su faɗi abin da ya tsaya musu a rai, sannan mai aikin ya yi tambayoyinsa, sannan mutane su yi tambayoyin da ba su ɓoye hukunci a ciki ba, sannan a ƙarshe a ba da ra'ayi bayan an nemi izini. Amfanin jerin shi ne ra'ayi, wanda shi ne yake tayar da jijiyar wuya, yana zuwa ne bayan marubuci ya riga ya ji yadda aikinsa ya sauka a kunnen mutane.

A zagayen farko ba a karɓar "ya yi kyau." Mai jagora ya tambaya, "A wane shafi?" Ɗaya daga cikin masu sauraro ta ce shafi na 8, inda ƙanwar ta ga ambulan ɗin ta mayar da shi ƙarƙashin kujera ba ta ce uffan ba. Wannan yabo ne mai amfani, don ya gaya wa marubuciya abin da ba za ta taɓa ba in ta zo gyara.

A zagaye na biyu marubuciya ce take tambaya, kuma gara ta zo da tambayoyi biyu ko uku a rubuce daga gida. "Kun ji daɗinsa?" ba tambaya ba ce, neman lallashi ne. Tambayar da ta yi ita ce, "Me ya sa kuke ganin ya mayar da kuɗin?" Ta samu amsa huɗu daban-daban. Wani ya ce tsoron Allah, wata ta ce tsoron kada a kama shi, wani ya ce don Inna ta yi masa faɗa, na huɗu ya ce shi kam bai gane ba. A nan ne jikinta ya fara tsuma, ta ce, "Amma ai na rubuta a..." Mai jagora ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, rubuta kawai. Ranar da za a haska fim ɗin ba kya cikin ɗakin."

Wannan jimlar ita ce maganin yawancin musu. Ana hana marubuci bayani ne saboda bayanin yana goge shaida. Da zarar ta faɗi abin da take nufi, kowa zai ce "oh, haka ne, yanzu na gane," alamar tambayar da ke takardarsa ta tashi a banza, sikirif ɗin kuma yana nan yadda yake. Abin da aka yarda ta faɗa uku ne: "na gode," "a wane shafi?" da "ƙara min bayani." Hannun da yake rubutu kuma yana rage wa baki ƙaiƙayi, shi ya sa nake so marubuci ya rubuta da kansa ko da ana naɗar sauti.

Zagaye na uku ya fi wuya ga masu ba da gyara. "Me ya sa gaisuwar ta yi tsawo haka?" hukunci ne da aka sa wa rigar tambaya, kuma duk wanda aka yi wa ita zai kare kansa. Mai jagora ya sa a sake ta: "Me kike so mu sani game da Inna daga gaisuwar shafi na 4?" A wannan zagayen marubuciya tana iya amsawa a taƙaice, kuma sau da yawa a cikin amsar take jin matsalar da kunnenta. Ta yi shiru, ta ce, "Babu komai, gaisuwa ce kawai." Shafi guda cur na ina kwana, ina gajiya, ya mai jiki, an rubuta shi don haka ake yi a gida. Gaskiya ne haka ake yi, amma fim yana iya shiga ɗaki bayan an gama gaisawa, sai fa in gaisuwar tana ɗauke da wani abu, kamar uwa ta amsa a daƙile don tana fushi.

Sai zagaye na huɗu, inda mutum zai ce, "Ina da ra'ayi a kan shafi na 7, kina so ki ji?" Tana da damar cewa ba yanzu ba. Ba kasafai ake ƙi ba, amma sanin cewa ana iya ƙi yana sauya yadda ake sauraro. A nan shawarwari suka zubo. Wani ya ce a sa mai keken ya yi mafarki. Wata ta ce Inna ta yi masa nasiha mai ratsa jiki. Wani ya ce a sa Hajiya ta zama 'yar uwarsu da aka daɗe ba a gani ba. Mai jagora ya bar su suka faɗa, amma kowanne ya tambaye shi, "Me ka ji a shafin da ya sa ka kawo wannan?" Amsar duka ukun ɗaya ce: ba su ga abin da ya juya zuciyarsa ba. Mai sauraro kusan kullum yana da gaskiya in ya ce nan ne ya yi masa ciwo, amma maganin da yake rubutawa na labarin da shi zai rubuta ne. A karɓi wurin ciwon, maganin kuma a ajiye shi gefe.

In wani ya zarce zuwa zolaya ko ya taɓa mutuncin marubuci, kamar "ke dai ba ki san rayuwar talaka ba," mai jagora ya katse shi nan take ya mayar da shi kan takarda: wane layi ne bai yi kama da bakin mai keke ba? In ya nuna layin, an samu gyara. In bai iya nunawa ba, a wuce. Minti arba'in sun isa zagayen huɗu, bayan haka maimaici ake yi.

Bayan an watse

A karɓi duk kwafin da aka yi wa alama, kada kowa ya tafi da nasa. Marubuciya kada ta taɓa sikirif ɗin a daren, ta bari kwana biyu, don gyaran da aka yi cikin zafin rai yakan zama ko dai rushe komai ko ƙin taɓa komai. Sannan ta shimfiɗa kwafin a jere ta bi shafi-shafi tana ƙirga alamomi. Abin da mutum ɗaya ya faɗa yana iya zama ɗanɗanonsa. Abin da mutum uku suka yi wa alama a shafi guda ba tare da sun haɗa baki ba, matsala ce.

A nata, dogayen layuka sun taru a shafi na 4 da na 5, alamomin tambaya kuma a shafi na 7. Na farkon mai sauƙi ne: ta yanke gaisuwar, ta fara fitowar daga "Zo nan, akwai magana," shafi ɗaya da rabi suka tafi. Na biyun ne ya buƙaci tunani, domin inda mutane suka rikice ba nan ne kuskuren yake ba. Da ta saurari sautin da aka naɗa, ta gano dalilin mayar da kuɗin yana shafi na 3. A can ta rubuta cewa a jikin ambulan ɗin akwai takardar asibiti ta ɗan Hajiya, kuma mahaifin mai keken ya rasu ne don an rasa kuɗin aikin tiyata. Amma duka biyun suna cikin bayanin fitowa mai layi tara, wanda mai karatu ya bi da sauri. Rasuwar mahaifin ma ba abu ba ne da kyamara za ta iya ɗauka, a cikin kan marubuciya kawai yake. Kowa ya ji an karanta shi, ba wanda ya riƙe.

Ba ta sa mafarki ba, ba ta sa nasiha ba. Ta ba takardar asibitin layinta ita kaɗai, mai keken ya buɗe ta ya karanta ya daɗe yana kallo. Ta kuma ƙara wa Inna jimla ɗaya a shafi na 4, tana ninke tsohuwar rigar mijinta: "Da an samu kuɗin aikin nan a ranar, da yanzu shi yake wannan fafutukar, ba kai ba." Sikirif ɗin ya koma shafi 11.

Bayan sati biyu aka sake zama, da masu karatu na da amma sababbin masu sauraro uku, don waɗanda suka ji na farko sun riga sun san amsar. Karatun ya ci minti 13. Aka sake yin tambayar nan a rubuce, me ya sa ya mayar da kuɗin. Biyu suka ambaci mahaifinsa. Na ukun ya rubuta tsoron 'yan sanda, kuma a kwafinsa akwai doguwar layi a gefen shafi na 9, inda Hajiya take godiya har rabin shafi. A zaman farko ba wanda ya yi wa wurin alama, don matsalar shafi na 7 ta rufe shi. Shi ta ɗauka ta tafi gyarawa.